Bashin rukuni: me ya sa talaka ke biya alhali ba a karɓi jingina ba?

Banki yana neman jingina ne saboda abubuwa uku da ba zai iya gani da idonsa ba. Bai san ko wanda ke zaune gabansa mai riƙon amana ba ne, bai san inda kuɗin za su shiga bayan sun bar hannunsa ba, kuma idan mutum ya dawo ya ce kasuwa ta karye, banki ba shi da hanyar sanin gaskiya ce ko ƙarya. Takardar fili ko ta gida ita ke rufe waɗannan ramuka uku a lokaci guda. Mai tuyar ƙosai ba ta da takardar fili, kuma ko da tana da abin jingina, kuɗin da za a kashe wajen kai ta kotu kan bashin naira dubu ɗari sun fi bashin kansa. Duk da haka, cibiyoyin da ke ba mata rance rukuni-rukuni sun shafe shekaru suna bayar da rahoton cewa sama da kashi 95 cikin ɗari na kuɗinsu suna dawowa.

Amsar da aka saba ji ita ce lamunin juna: idan ɗaya ta kasa biya, sauran su biya mata. Ra'ayina shi ne wannan amsa ta ɗauki yabon da ba nata ba. Lamunin juna yana da aikinsa, amma ba shi ne ginshiƙin ba. Abin da ya fi riƙe biya shi ne yadda ake zaɓen mutane tun farko, da ƙaramin zubi na mako-mako a bainar jama'a, sannan sama da kome, tabbacin cewa wadda ta biya za ta samu wani rancen da ya fi na baya. Duk wanda ya kwaikwayi rukunin ya bar waɗannan, kuɗinsa ba za su dawo ba.

Wurin da ya kamata a duba shi ne Bangladesh, domin daga can tsarin ya yaɗu. A 1976 Muhammad Yunus, malamin tattalin arziki a jami'ar Chittagong, ya ranta wa mutum 42 a ƙauyen Jobra abin da bai wuce dala 27 ba gaba ɗaya. Aikin ya zama Bankin Grameen a 1983. Tsarin farko yana da ƙa'idoji da suke kama da ƙananan abubuwa, amma kowace da dalilinta. Mutum biyar ne ke haɗa rukuni, su da kansu, ba banki ke haɗa su ba. Ba a yarda 'yan gida ɗaya su shiga rukuni ɗaya ba. Rukuni kamar takwas su ke zama cibiya guda ta mutum arba'in, wadda ke taro sau ɗaya a mako a cikin ƙauyen, jami'in banki ya zo ya same su. Ba a ba biyar ɗin kuɗi rana ɗaya: biyu ke fara karɓa, idan suka yi makonni suna zubi ba tangarɗa sai biyu na gaba su karɓa, shugabar rukuni ita ce ta ƙarshe. Ana biyan rancen shekara a zubi hamsin. Kuma ana cire kashi 5 cikin ɗari na kowane rance a zuba cikin asusun rukuni.

A tsaya kan maganar zaɓe, domin nan ne rabin aikin ke ƙarewa tun kafin sisi ya fita. Jami'in bashi baƙo ne a unguwa. Zai iya cika fom, ya leƙa shago, ya ƙirga buhunan da ke ciki, amma bai san cewa buhunan na maƙwabci ne aka aro don zuwansa ba. Matar da ke katanga ɗaya da mai neman rancen ta sani. Ta san wadda ta taɓa cinye adashi, ta san wadda mijinta ke karɓe duk abin da ya shigo hannunta, ta san wadda za ta aurar da 'ya bayan Sallah kuma kuɗin gado da kwanuka take nema, ba na jari ba. Idan aka ce mata rancenta na gaba yana rataye da halin waɗanda ta zaɓa, ba za ta ɗauko irin waɗannan ba. Masu kirki sai su nemi junansu, a bar masu wasa da bashi a waje. Banki ya samu bayanin da ba zai iya saye ba, kuma kyauta ya same shi.

Wannan ne ya sa hana 'yan gida ɗaya zama a rukuni ɗaya yake da ma'ana. Uwa ba za ta kai ƙarar 'yarta ba, kuma idan gobara ta ci gida ɗaya, mutum biyun za ta durƙusar tare. Tsarin biyu, biyu, ɗaya shi ma haka: ukun da ba su karɓa ba tukuna su ne masu gadi mafi tsanani, don kuɗinsu na hannun biyun farko, ita kuma shugaba da ke ƙarshen layi ba ta da dalilin kawar da kai.

Sai zubin mako-mako. Bari mu ɗauki misali da lissafi mai sauƙi, a kuɗin da muka saba da su. Mata biyar, kowace ta karɓi naira 100,000, za ta mayar da 120,000 cikin mako 24, wato 5,000 duk mako, rukunin kuma ya kawo 25,000. Da an ce ta kawo 120,000 ɗin a dunƙule bayan wata shida, da wuya su taru, domin kuɗi ba sa kwana a gidan da ake da buƙata: ga asibiti, ga biki, ga ɗan'uwa da ya zo da kuka. Amma 5,000 abu ne da cinikin kwana biyu ko uku zai fitar. Kuma zubin yana aiki a matsayin ƙararrawa. Wadda jarinta ya fara lalacewa za a gane a mako na biyar ko na shida, lokacin da sauran kuɗi ke hannunta kuma ana iya gyara, ba sai ranar ƙarshe da kome ya tafi ba.

Akwai wani abu a nan da ba a cika faɗa ba. Zubi yana farawa mako ɗaya ko biyu bayan karɓar kuɗi, kafin yawancin sana'o'i su fara kawo riba. Wadda ta sayi tunkiya don kiwo ba za ta ga kuɗinta ba sai bayan watanni, amma zubi ba ya jira. Ke nan daga wata hanya take biya: cinikin miji, ɗinki, sayar da ƙwai. A fakaice, banki ya ranta ne bisa kuɗin shigar gidan gaba ɗaya, ba bisa sana'ar da aka rubuta a fom ba. Wannan yana kare banki ƙwarai, amma yana hana mace shiga harkar da ke ɗaukar lokaci kafin ta biya. Wani gwaji da Erica Field da Rohini Pande da abokan aikinsu suka yi a Kolkata ta Indiya ya nuna haka ƙarara: waɗanda aka ɗaga wa ƙafa wata biyu kafin su fara zubi sun zuba jari mai yawa kuma ribarsu ta fi, sai dai adadin masu kasa biya ma ya ƙaru a cikinsu. Wato tsananin da ke tsare kuɗin banki shi ne kuma ke taƙaita girman sana'ar.

Biya a gaban jama'a kuwa, wanda ya san zaman unguwa ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ana kiran suna, ana ƙirga kuɗi a kan tabarma, mutum arba'in na kallo. A wurare da yawa jami'i ba ya tashi taro sai kuɗi sun cika, don haka mata talatin da tara na zaune cikin rana, abinci bai hau wuta ba, saboda mutum ɗaya. Ba a buƙatar ɗan sanda. Ga banki kuma akwai sauƙin kashe kuɗi: ma'aikaci ɗaya ya karɓi zubin mutum arba'in cikin awa guda, maimakon ya bi gida arba'in, kuma shi kansa ba zai iya soke kuɗin a aljihu cikin sauƙi ba tunda shaidu sun yi yawa.

Yanzu ga babban ginshiƙin. Rancen farko ƙarami ne da gangan. Wadda ta biya 100,000 za a ba ta 150,000, daga nan 200,000, haka dai. A kowane lokaci tana auna abu biyu: abin da ya rage mata ta biya, da darajar ƙofar da za ta rufe idan ta ƙi. A mako na ashirin na misalinmu saura 20,000 kawai, ga 150,000 na jiranta bayan wata guda. Babu mai hankalin da zai gudu a nan. Jinginar da ta bayar ita ce rancenta na gobe, da ɗan ajiyar dole da aka cire mata, da mutuncinta a unguwa. Ba a soke jingina ba, sauya mata kama aka yi zuwa abin da talaka ya mallaka.

Me ya sa nake cewa lamunin juna ba shi ne ginshiƙi ba? Saboda an cire shi an gani. Xavier Giné da Dean Karlan sun yi gwaji da wani banki mai suna Green Bank a tsakiyar ƙasar Philippines. Cikin cibiyoyi 169 da ke aiki da lamunin juna, an zaɓi kimanin rabi ta hanyar ƙuri'a aka ce musu daga yau kowa bashinsa a wuyansa, ba wanda zai biya wa wani. An bar taron mako-mako da biya a bainar jama'a da alkawarin rance na gaba yadda suke. Bayan shekara uku, kasa biya bai ƙaru ba a cibiyoyin da aka sauya, kuma sun fi jawo sababbin mutane. Mai musu zai ce ai waɗannan mata an riga an tace su ƙarƙashin tsohon tsari, kuma maganarsa tana da ƙarfi. Sai dai a gwaji na biyu, a sababbin garuruwa da aka fara da kowa-tasa tun ranar farko, nan ma ba a ga bambanci a biya ba, illa dai jami'an bankin sun fi ɗari-ɗari wajen buɗe sababbin cibiyoyi inda babu lamunin. Wannan ya nuna inda amfaninsa yake: wajen tacewa a bakin ƙofa, da kwantar wa mai ba da bashi hankali.

Grameen da kansa ya bi wannan hanya. Ambaliyar 1998 ta mamaye kusan kashi biyu cikin uku na Bangladesh, biya ya tabarɓare, kuma tsarin da ba ya lanƙwasa ya kori mutane da yawa da ba su da laifi. Zuwa 2002 bankin ya kammala sauyawa zuwa abin da ya kira Grameen na biyu. An soke asusun rukuni aka koma ajiyar kowa da sunanta, an buɗe hanyar sake tsara zubi ga wadda ta shiga matsala, kuma bankin ya fito fili ya ce ba a tilasta wa kowa biyan bashin wata. Rukuni da taro suna nan. ASA, wata babbar cibiya ta ƙasar, ita ma ta gina aikinta kan taron rukuni da bashin kai.

Dalilin gudun lamunin yana cikin lissafi. Mu koma ga matanmu biyar. A mako na goma ɗaya ta kwanta ciwo, ta biya 50,000, saura 70,000. Huɗun da suka rage kowace ta ƙara 1,250 a kan zubinta, wato 17,500 cikin mako 14. Da ciwo, amma za su daure, don rance na gaba ya fi wannan daraja, kuma suna sa ran za ta rama musu idan ta tashi. Nan lamuni ya yi aikin inshora, kuma banki bai ma san an yi ba. To idan biyu suka faɗi fa? Yanzu 10,000 ne duk mako a kan mutum uku, zubin kowace ya tashi daga 5,000 zuwa sama da 8,300. Ta ukun da dama da ƙyar take haɗa nata sai ta duba ta ce ko na biya ba za a ba mu wani ba, tunda rukuninmu ya ɓaci, to don me zan biya? Da ta tsaya, biyun ƙarshe ma sun tsaya. Banki da zai yi asarar bashi biyu sai ya yi asarar biyar. Masana tattalin arziki Timothy Besley da Stephen Coate sun bayyana wannan tun 1995: igiyar da ke ɗaure masu biya ita ce ke jan su ƙasa tare idan nauyi ya wuce wani mizani.

Shi ya sa tsarin ya fi dacewa da 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu fiye da manoma. Mai ɗinki da mai awara da mai sayar da itace ba rana ɗaya suke karyewa ba. Manoman shinkafa biyar a fadama ɗaya kuwa, ruwa ɗaya ne zai cinye gonakinsu, farashi ɗaya ne zai faɗi musu, kuma kuɗinsu sau ɗaya suke zuwa a shekara, babu abin zubawa duk mako. Shirin ba manoma rance na Anchor Borrowers da Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar a Kebbi a 2015 ya tara manoma rukuni-rukuni, amma ya sha fama da rashin biya. Ba abin mamaki ba ne. Inda jerin sunaye ya fito daga sama, inda mutane suka ɗauki kuɗin a matsayin rabonsu na gwamnati, inda kuma ake ganin wanda bai biya ba babu abin da ya same shi, sunan rukuni kaɗai ya rage, ƙarfinsa babu. A gwada da ƙungiyoyin Mata Masu Dubara da ƙungiyar agaji ta CARE ta fara a yankin Maraɗi a 1991, inda kuɗin da ake rantawa zubin matan ne da kansu, a akwatinsu, a gaban idonsu. Wadda ta ƙi biya a can ta san kuɗin maƙwabciyarta ta riƙe, ba na wani ofis mai nisa ba.

Hujja mafi ƙarfi cewa rancen gobe ne ke riƙe biyan yau ita ce abin da ke faruwa idan goben ta ɓace. A jihar Andhra Pradesh ta Indiya kamfanonin ba da rance sun yi yawa, suna rige-rigen mata ɗaya, har mace ta riƙe bashi uku ko huɗu tana karɓa nan ta toshe can. Aka fara samun rahotannin matsin lamba wajen karɓar bashi da na masu kashe kansu. A Oktoban 2010 gwamnatin jihar ta fitar da doka da ta hana bin mutane gida da karɓar zubin mako-mako, ta kuma ɗaure ba da sabon rance. Cikin 'yan watanni biya ya faɗo daga sama da kashi 95 zuwa ƙasa da kashi 20. Matan su ne dai, rukunonin su ne dai, kunyar unguwa ba ta je ko'ina ba. Abin da ya canza shi ne kowa ya gane babu sabon rance, kuma idan kowa ya daina biya babu wanda zai ji kunyar wani. Rukunin da ke tilasta biya shi ne ya zama wurin haɗa baki a ƙi.

Ko ba doka, gasa kaɗai tana iya cin wannan ginshiƙi. Barazanar "ba za mu ƙara ba ki ba" tana da haƙora ne idan ƙofa ɗaya ce a garin. Idan akwai biyar, kuma ba sa musayar sunayen masu bashi, barazanar ta zama wasa.

Ya kamata kuma a riƙa tambayar yadda aka ƙirga biyan kashi 98 da cibiyoyi irin su Grameen ke tallatawa. Jonathan Morduch ya sake lissafin alƙaluman Grameen na 1985 zuwa 1996 ya samu cewa bashin da ya wuce wa'adi ya kusa kashi 8, ba ƙasa da kashi 2 da ake faɗa ba. Dalili shi ne ana raba tsohon bashin da ya maƙale da jimillar sabon bashin da ke ta ƙaruwa, sai matsalar ta yi ƙanƙanta a takarda. Kashi 92 ba jingina har yanzu abin jinjina ne, amma duk cibiyar da ke girma da sauri tana iya ɓoye ruɓa ta wannan hanya. Ma'aunin da ya fi gaskiya shi ne a ɗauki duk ragowar bashin da ke kan mutanen da suka yi jinkirin sama da kwana 30, ba zubin da suka tsallake kawai ba, a raba da duk kuɗin da ke waje. A filin taro kuma alamun suna fitowa kafin su iso takarda. Mata sun fara aiko da kuɗi ta hannun yara maimakon su zo. Shugaba ce ke ciro kuɗi daga lalitarta duk mako tana cikawa. An ga fuska ɗaya a taron wata cibiyar ranar Talata, a na wata ranar Alhamis. Ko kuma sunaye biyar ne a littafi amma kuɗin duka hannun mutum ɗaya suka shiga, sauran an ba su ɗan goro ne don aron suna, wanda shi ne mafi haɗari, domin ranar da wannan mutum ya faɗi babu wanda zai ce bashin nasa ne.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake ɗaukar yawan biya a matsayin shaidar cewa mutane sun amfana. Biya yana nuna banki ya karɓi kuɗinsa ne kawai. Bai faɗi ko daga riba aka biya ba, ko kuwa akuya aka sayar, ko 'yan rukuni ne suka shiga ɗaki suka ɗauke keken ɗinki. Kuma rancen ba shi da arha. A misalinmu ruwan kashi 20 ne, amma ana lissafa shi ne kan 100,000 ɗin farko har ƙarshe, alhali abin da ke hannun matar yana raguwa duk mako, matsakaicinsa bai fi rabi da kaɗan ba. Idan aka mayar da shi lissafin shekara, ya kai wajen kashi 80. Manyan gwaje-gwaje shida da aka wallafa tare a 2015, daga Indiya da Maroko da Habasha da Meziko da Mongoliya da Bosniya, sun samu cewa ƙananan rance suna taimaka wa wasu faɗaɗa sana'a, amma ba su ga sun fitar da matsakaicin mai karɓa daga talauci ba.

Ga waɗanda kuɗin ruwa ya hana su kusantar wannan harka, yana da kyau a lura cewa babu ɗaya cikin ginshiƙan nan da ke buƙatar ruwa. Akhuwat ta Pakistan, wadda Amjad Saqib ya kafa a Lahore a 2001, tana ba da rance ba ruwa, tana raba kuɗin a masallatai a gaban jama'a, kuma tana bayar da rahoton biya da ya kai na kowa. Abin da ruwa ke biya shi ne albashin jami'in da ke zuwa duk mako da man babur ɗinsa, kuma Akhuwat tana rufe wannan ne da gudummawa da tallafi. Duk mai son yin irinsa a Kano ko Damagaram, ko ta hanyar sayen kaya a sayar wa mace da riba sananniya, sai ya fara amsa tambayar wa zai ɗauki wannan nauyi shekara bayan shekara, domin ranar da jami'i ya fara tsallake taro, ko aka ce wa wadda ta gama biya ta jira wata uku kafin kuɗi su samu, labari zai zaga sauran cibiyoyi kafin mako ya zagayo.